Yadda ake rubuta kammalawar rahoton lab kan kunna allon lamba mai sanduna bakwai ta hanyar karɓa-karɓa

Duk wanda ya taɓa duba rahotannin ɗaliban injiniyan lantarki, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ya san inda ƙarfin ɗalibi yake ƙarewa. Zane yakan fito tsaf, teburin sakamako cike, sai a zo shafin ƙarshe a tarar da layi biyu: an yi gwaji cikin nasara, an cimma manufa. Mai duba rahoto ba ya samun abin ba maki a nan, domin layin nan zai zauna daram a ƙarshen kowane gwaji da aka taɓa yi a duniya. Aikin kammalawa shi ne ta amsa tambayar da manufar gwajin ta yi, da alƙaluman da kai ka auna, kuma ta tsaya daidai inda alƙalumanka suka tsaya.

Zan bi gwaji guda ɗaya tak daga farko har rubutun ƙarshe. Alƙaluman awon da za ka gani na misali ne, irin waɗanda wannan haɗin yakan bayar. Naka za su ɗan bambanta, kuma naka ake so a rahotonka.

Haɗin da muke magana a kai

Allo ne mai gurbi huɗu, jan haske, irin 5641AS, wanda kowane gurbi yake da katod ɗaya da sandunansa suka yi tarayya a kai. Irin allon da kake gani a agogon lokutan salla na masallaci. Kowane gurbi yana da sanduna bakwai, a zuwa g, da ɗigo na takwas. Da za a ba kowace sanda wayarta, ana bukatar ƙafa 32. Allon kuwa ƙafa 12 gare shi: takwas na sanduna, waɗanda dukkan gurabu huɗu suke rabawa, sai huɗu na katod, wato ƙafa ta 12 da ta 9 da ta 8 da ta 6.

Arduino Uno ne yake tuƙa shi. Kowane layin sanda yana da resista mai 330 Ω, kowane katod kuma yana sauka ƙasa ta tiransista BC547. A kowane lokaci gurbi ɗaya ne kawai yake kunne. Ana ba shi ɗan lokaci, a kashe, a wuce na gaba, har a zagayo. Idan zagayen ya yi sauri, ido yana ganin duka huɗun a kunne, kamar yadda yaro yake wulwula bakin wuta da dare a ga zobe cikakke alhali garwashi ɗaya ne.

Mataki na farko: koma shafin manufa da biro a hannu

Kafin ka rubuta kalma ɗaya ta kammalawa, buɗe shafin farko na rahotonka ka ja layi ƙarƙashin kowane abu da manufa ta ce za a yi. A wannan gwajin yawanci abubuwa uku ne: a nuna lambobi huɗu daban-daban da ƙafafu kaɗan, a gano saurin zagayen da ido yake daina ganin ƙyaftawa, a kuma duba abin da karɓa-karɓa take yi wa wutar da ke bi ta sanda. Wasu malaman sukan ƙara na huɗu, wato inuwar da lambar wani gurbi take bari a kan maƙwabcinsa. Kowane layi da ka ja bashi ne a kanka. Abin da ba ya cikin manufa kuma bai fito a sakamako ba, kamar tarihin LED ko amfanin allon a rayuwar yau da kullum, wurinsa gabatarwa.

Bashin farko ba shi da wahalar biya. Jimla ɗaya ta isa: an nuna 1234 a gurabu huɗu da ƙafa 12 maimakon 32. Faɗi alƙaluman biyu, ka wuce.

Mataki na biyu: saurin zagaye, da kuskuren da ya fi yawa

A lab an sa ka canza lokacin da kowane gurbi yake samu, kana duban allo. A ce ga abin da ƙungiyarku ta rubuta:

| Lokacin gurbi ɗaya | Saurin zagaye | Abin da aka gani |
|---|---|---|
| 250 ms | 1 Hz | gurbi ɗaya-ɗaya suke kamawa |
| 50 ms | 5 Hz | haske yana gudu daga hagu zuwa dama |
| 10 ms | 25 Hz | duka huɗu sun bayyana, amma suna ƙyaftawa sosai |
| 5 ms | 50 Hz | sun tsaya in an dube su kai tsaye, suna rawa a gefen ido |
| 2 ms | 125 Hz | sun tsaya cak |

Dubi layi na ƙarshe. Ɗalibai da yawa sukan raba 1 da 2 ms su rubuta 500 Hz. Wannan saurin sauyawa ne daga gurbi zuwa gurbi, kuma ido bai damu da shi ba. Abin da ido yake gani shi ne sau nawa gurbi guda yake kamawa a daƙiƙa ɗaya, shi kuwa sai ya jira sauran ukun sun gama nasu. Lissafin shi ne:

```
f = 1 / (N × t) = 1 / (4 × 0.002) = 125 Hz
```

Wanda ya rubuta 500 Hz a kammalawa ya nuna wa mai duba cewa bai gane gwajin ba, ko da allonsa ya yi aiki lafiya ƙalau.

Saura tambayar da ta fi daɗi: a ina ƙyaftawa ta ɓace? Jarabar da ke nan ita ce ka ɗauko 50 Hz daga littafi ka liƙa. To amma teburinka bai ce haka ba. A 50 Hz kun ga rawa a gefen ido, a 125 Hz ba ku gani ba, kuma ba ku gwada komai a tsakani ba. Iyakar abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne iyakar tana tsakanin 50 Hz da 125 Hz. Wannan amsa ta fi ƙarfi a idon mai duba fiye da lamba ɗaya da aka aro, domin ta fito daga aikinka. In har yanzu kana da damar komawa kan bencin, gwada 4 ms da 3 ms, wato 62.5 Hz da kusan 83 Hz, tazarar za ta matse.

Ka kuma faɗi cewa ido ne ma'aunin. Iyakar ƙyaftawa ba ɗaya ba ce ga kowa. Tana hawa idan hasken ya yi ƙarfi, kuma gefen ido ya fi tsakiyarsa saurin kama ta. Shi ya sa a ƙungiya ɗaya za ka ji Malama Hauwa ta ce har yanzu yana rawa, na kusa da ita ya rantse ya tsaya, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Rubuta mutum nawa suka duba da kuma yanayin hasken ɗakin. Hoton waya kuwa ba hujja ba ne a nan: kyamara takan nuna gurbi ɗaya ya dushe ko baƙin layi yana ratsa allon ko da a 125 Hz, saboda yadda take ɗaukar hoto layi-layi cikin ɗan gajeren lokaci. Kada ka rubuta cewa allon yana ƙyaftawa don kawai bidiyon wayarka ya nuna haka.

Abu ɗaya kuma game da kalmomi biyu da ake cakuɗawa, lissafi da awo. Idan kun ɗora osiloskof a kan layin da ke kunna tiransistan gurbi ɗaya kuka ga zagaye yana cin 8.1 ms, to kun auna kusan 123 Hz, sai ka kwatanta da 125 Hz na lissafi. Idan osiloskof bai zo kanku ba, kamar yadda yakan faru in ƙungiyoyi sun yi yawa, ka ce an lissafa saurin daga lokacin da aka sa a shirin. Kada ka kira shi awo.

Mataki na uku: wutar sanda, inda maki yake

Nan ne zan daɗe, domin nan ne kammalawa mai kyau take rabuwa da ta cika shafi.

Fara da abin da lissafi ya yi alkawari. An ɗauka wutar Arduino 5 V ce, jan LED yana cin kusan 2.0 V, tiransista a kunne yana cin kusan 0.2 V. Abin da ya rage wa resista 2.8 V ne.

```
I = (5 − 2.0 − 0.2) / 330 = 8.5 mA
I(avg) = 8.5 / 4 = 2.1 mA
```

Lamba ta farko ita ce wutar da ke bi ta sanda a lokacin da gurbinta yake kunne. Ta biyu ita ce matsakaiciyarta, tunda kowane gurbi kashi ɗaya cikin huɗu na lokaci yake samu.

Yanzu awo. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora maltimita a kan resistan sanda a, a karanta bolt, a raba da 330. Da aka tsayar da zagaye aka bar gurbi ɗaya a kunne dindindin, mita ta nuna 2.55 V, wato 7.7 mA. Da aka saki zagaye a 2 ms, allo yana nuna 8888, mita ta nuna kusan 2.5 V. A nan ƙungiyoyi da yawa suke faɗawa rami. Suna ganin lambar ba ta sauya ba, sai su rubuta cewa karɓa-karɓa ba ta rage wuta, ko kuma su goge awon su sa 0.7 V da lissafi ya nuna, wato rubu'in 2.8 V, don kada a ce sun yi kuskure.

Mita ba ta yi ƙarya ba. Resistan sanda a guda ɗaya ne ga dukkan gurabu huɗu. Idan allo yana nuna 8888, sanda a ta gurbin farko tana jan wuta ta cikinsa, tana sauka ta gurbi na biyu ta karɓa, haka har na huɗu. Resistan ba ya hutawa ko kaɗan. Abin da mita ta auna wutar layin ce gaba ɗaya, ba ta LED guda ba. In kana son ganin rabon LED guda, sai ka sa 8 a gurbi ɗaya ka bar sauran ukun babu komai, amma zagaye yana ci gaba da ba su lokacinsu. Da aka yi haka mita ta sauko zuwa 0.63 V, wato 1.9 mA.

Raba 0.63 da 2.55, za ka samu 0.247. Lissafi ya ce 0.25. Wannan ita ce lamba mafi daraja a duk rahoton, domin ita ce shaidar kai tsaye cewa kowane gurbi rubu'in lokaci yake samu, kuma ba ta dogara da ainihin ƙimar resista ba tunda resista ɗaya aka auna sau biyu. Dole ta shiga kammalawa. Ka kuma rubuta abin da allon yake nunawa lokacin kowane awo, don ba tare da shi ba alƙaluman ba su da ma'ana.

Wannan awon yana yin kyau ne idan zagaye yana da sauri. A 250 ms lambobin mita tsalle za su riƙa yi, don ba ta iya tara matsakaici a wannan jinkirin.

To me ya sa 1.9 mA, ba 2.1 mA ba? Bambancin ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma mai duba zai so ya ji dalili. Amsar da aka saba gani ita ce kuskuren ɗan'adam da matsalar kayan aiki. Ni in na ga wannan jimlar, na san ɗalibin bai nemi dalilin ba ne. Bolt ɗin da ya ɓata ana iya bin sawunsa da mita cikin minti biyar. A misalinmu, ƙafar 5V ta Arduino ta nuna 4.85 V saboda daga kebul ɗin laftof ake ba shi wuta. Ƙafar da ke tura sanda ba ta kai wannan ba ma: tana ɗauke da kaya, sai ta zauna a 4.65 V, domin ƙafar ATmega328P, guntun da ke cikin Arduino Uno, tana da 'yar turjiya a cikinta wadda lissafin farko bai sa ba. LED ya ci 1.95 V, tiransista ya ci 0.15 V.

```
4.65 − 1.95 − 0.15 = 2.55 V
```

Ga shi nan, daidai da abin da aka karanta a kan resista. Ashe 0.35 V ya tafi tun kafin wuta ta iso resista, LED da tiransista kuma suka mayar da 0.1 V saboda sun ci ƙasa da yadda aka zata. Yanzu kana da dalili mai suna da lamba. Akwai kuma resistan kansa: in zobensa na ƙarshe ruwan zinariya ne, an yarda ya kauce da kashi 5 cikin ɗari, wato daga 313.5 Ω zuwa 346.5 Ω. In ba ka cire shi ka auna ba, ka ambata cewa 330 Ω da ka yi rabo da shi na jikin launi ne.

Duk wannan bin sawun wurinsa sashen tattaunawa. A kammalawa jimla ɗaya ce take wucewa: an samu ƙasa da lissafi da kashi 10, galibi saboda wutar da ta iso layin 4.65 V ce, ba 5 V ba.

Sai maganar haske. Kun lura allon ya dushe da aka saki zagaye, kuma gaskiya ne. Amma kada ka rubuta cewa haske ya ragu zuwa rubu'i, don ba ku auna haske ba, wuta kuka auna. Ido ba ya auna haske daidai wa daida: abin da ya ragu sau huɗu a mita, ido yakan ga kamar ya ragu kaɗan ne. Ka ce matsakaiciyar wuta ta koma rubu'i, kuma an ga dushewa da ido. Wani abin lura da ya cancanci rabin jimla shi ne hasken bai ƙaru ba da aka sauko daga 5 ms zuwa 2 ms. Bai kamata ya ƙaru ba. Ko zagaye ya yi sauri ko ya yi jinkiri, rabon kowane gurbi rubu'i ne. Sauri yana maganin ƙyaftawa, yawan gurabu da ƙimar resista su suke yanke haske. Ɗalibin da ya raba waɗannan biyun a rubutunsa ya gama gamsar da mai duba.

Awon 8888 da ya rikita mutane ma yana da amfaninsa. Shi ne yake nuna nauyin da ke kan kayan: sanduna bakwai sau 7.7 mA ya ba da kusan 54 mA, kuma wannan ce wutar da tiransista guda yake ɗauka a lokacinsa. BC547 iyakarsa 100 mA, don haka yana cikin lafiya. Ƙafar Arduino kuwa iyakarta ta ƙarshe 40 mA ce, an fi son a tsaya a 20 mA, shi ya sa ba a haɗa katod da ita kai tsaye ba. Da za a kunna gurabu huɗu tare da wannan wutar, allon zai ja kusan 216 mA.

Mataki na huɗu: inuwa

In kun gwada wannan, ga yadda ake faɗarsa. Inuwa ita ce ɗan hasken da yake bayyana a sandunan da ya kamata su mutu. An fi ganinta idan aka sa 1 kusa da 8, kamar 1818, aka kāre allon da tafin hannu daga hasken taga. Sai ka ga 1 ɗin yana sanye da dusasshen 8.

Dalilinta jerin umarni ne. Idan shirin ya fara rubuta sandunan lamba ta gaba alhali tsohon gurbi yana kunne, tsohon gurbin zai nuna sabuwar lambar na ɗan lokaci. Da `digitalWrite()` abin yakan fito fili, don kowane kira yana cin 'yan maikirosakan, takwas a jere kuma suna taruwa. Maganin shi ne a kashe dukkan gurabu tukuna, a rubuta sanduna, sannan a kunna sabon gurbi:

```cpp
for (byte i = 0; i < 4; i++) {
  PORTB &= 0xF0;
  PORTD = seg[num[i]];
  PORTB |= (1 << i);
  delay(2);
}
```

Layin farko a cikin zagayen shi ne mai kashewa. Wajen da inuwar ta faɗa ma yana faɗa maka inda kuskuren yake: in lambar gurbin da ke gaba ce ta bayyana a kan na baya, sanduna aka fara sauyawa. In lambar baya ce ta bi zuwa gurbin gaba, gurbi aka fara sauyawa. A kammalawa ka faɗi abu uku a taƙaice: an ga inuwa, ga dalili, ta ɓace bayan an sa layin kashewa. Wannan gwaji ne mai kafin da bayan, don haka kana da ikon faɗin dalilin da ƙarfi.

Kada ka rikita ta da wata matsalar daban, inda 1 yake fin 8 haske ƙwarai. Wancan alama ce ta resista ɗaya da aka sa a katod maimakon takwas a layukan sanduna, sai sanduna biyu na 1 su raba wutar da sanduna bakwai na 8 suke rabawa.

Mataki na biyar: iyakar abin da ka nuna

Jimla biyu sun wadatar. Gurabu huɗu kuka gwada, don haka duk abin da za ka ce kan takwas hasashe ne daga lissafi, kuma ka kira shi da sunansa: ƙafa 16 maimakon 64, amma rabon kowane gurbi ya koma ɗaya cikin takwas, matsakaiciyar wuta ta faɗi ƙasa da 1 mA, kuma sai an rage lokaci zuwa 1 ms kafin a riƙe 125 Hz. Shawara ma ta fito daga abin da ka gani. `delay()` yana riƙe Arduino gaba ɗaya, duk wani aiki mai tsawo da aka cusa cikin zagayen zai sa gurbi ɗaya ya fi saura haske ko allon ya ƙyafta. Don haka shawarar a mayar da zagayen kan taima, ko a ba guntu irin MAX7219 wanda yake tuƙa gurabu takwas da kansa, shawara ce mai tushe. Shawarar a ƙara kayan aiki a lab ba ta da alaƙa da sakamakonka.

Haɗa shi wuri ɗaya

Ko da Turanci za ka miƙa rahoton, jerin tunanin bai canza ba. Ga yadda ta misalinmu za ta kasance:

"An nuna lambobi huɗu daban-daban a allo mai gurbi huɗu ta hanyar kunna gurabun ɗaya bayan ɗaya, da ƙafa 12 maimakon 32. Mutum uku da suka duba a hasken rana sun ga ƙyaftawa a fili a 25 Hz, sun ga rawa a gefen ido a 50 Hz, ba su ga komai ba a 125 Hz, don haka iyakar ƙyaftawa a wannan haɗin tana tsakanin 50 Hz da 125 Hz. Osiloskof ya nuna zagaye na 8.1 ms, kusan 123 Hz, wanda ya dace da lissafi. Matsakaiciyar wutar sanda guda ta sauka daga 7.7 mA zuwa 1.9 mA, rabon 0.247, abin da ya tabbatar cewa kowane gurbi rubu'in lokaci yake samu. Wannan ya gaza 2.1 mA na lissafi da kusan kashi 10 cikin ɗari, galibi saboda wutar da ta iso layin sanda 4.65 V ce, ba 5 V ba. Sauya saurin zagaye bai sauya hasken da ido ya gani ba. An ga inuwa lokacin da aka rubuta sanduna kafin kashe gurbi, ta kuma ɓace da aka sa umarnin kashewa a gaba. Da ido aka hukunta ƙyaftawa da haske, kuma gurabu huɗu kawai aka gwada. Lissafi ya nuna cewa gurabu takwas za su bukaci 1 ms kowanne, da matsakaiciyar wuta ƙasa da 1 mA."

Sakin layi ɗaya ne, bai kai rabin shafi ba. Bayan ka rubuta taka, ɗauki kowace lamba da ke ciki ka nemo ta a teburin sakamako ko a lissafin tattaunawa. Wadda ba ka same ta a can ba, ko dai ka koma ka sa ta a wurinta, ko ka cire ta. Kammalawa ba ta kawo sabon awo, ba ta ɗaukar zane ko shiri, kuma ba a maimaita matakan haɗa waya a cikinta.

In gwajin bai yi ba fa?

Yakan faru. Lokacin lab ya ƙare, ko wuta ta ɗauke kafin a kai ga awon ƙarshe, ko allon ya ƙi nuna abin da ake so. Kwafar sakamakon ƙungiyar da ke benci na gaba ita ce hanya mafi saurin kamuwa, don mai duba yana ganin 0.63 V iri ɗaya a rahotanni goma. Rubuta abin da ya auku, da alamar da ta kai ka ga dalili.

Alamun wannan gwajin suna magana sosai. Sanda ɗaya da ta mutu a dukkan gurabu huɗu tana nuna layin sandar ne, wato resista ko wayarta ko ramin allon gwaji da ya saki. Gurbi guda da ya mutu ɗungurungum yana nuna tiransistansa ko ƙafar katod ɗinsa. Gurabu huɗu suna nuna lamba iri ɗaya, ko wani cakuɗaɗɗen 8, yana nufin katod ɗin duk suna kunne tare. Allon da ya ƙi kamawa sam alhali wayoyi daidai suke, sau da yawa mai anod ɗaya ne aka sayo a Sabon Gari a zaton mai katod ɗaya, don a ido kamanninsu ɗaya. Mita tana raba gardama: juya ta zuwa alamar dayod, ɗora baƙar waya a ƙafa ta 12, taɓa ƙafafun sanduna da jar waya. In sanda ta ɗan yi ja, mai katod ɗaya ne. In sai ka juya wayoyin take kamawa, mai anod ɗaya ne, kuma yana bukatar tiransista irin BC557 a saman haɗin tare da juya lambobin sanduna a shirin.

A irin wannan hali kammalawar za ta ce manufa ta farko ta cika a gurabu uku cikin huɗu, gurbi na uku bai kama ba, kuma da aka musanya tiransistansa da na gurbi na biyu matsalar ta koma gurbi na biyu, wanda ya nuna tiransistan ne ya lalace. Awon wuta da na ƙyaftawa suna nan da ƙarfinsu matuƙar shirin ya ci gaba da ba gurbin da ya mutu lokacinsa, don N har yanzu 4 ne a lissafin.